Wa Ya Rufe Gadar? Matakan Zaɓen Jimla a Sharhin Adabi

Tun daga ƙarshen Yulin 2023, duk wanda ya zauna a tashar Gaya ko a bakin kogi ya ji jimlar nan har ta gundure shi: "An rufe gada." Gadar da ta haɗa mu da Malanbil ake nufi. Da farko gefe biyu ne a toshe, domin sojojin da suka karɓi mulki a Yamai ranar 26 ga Yuli sun rufe iyakoki, ƙungiyar Sedeyawo ta ƙaƙaba takunkumi, Benin ta tare nata ɓangaren. A Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, Benin ta buɗe, Nijar ta bar nata gefen a rufe. Maganar bakin mutane ba ta canza ba, "an rufe gada" ce dai, alhali hannun da ke riƙe da mabuɗin ba ɗaya ba ne. Mai kwale-kwalen da ke tsallakar da fasinja wannan bai dame shi ba. Kai kuwa da za ka zauna jarrabawar bak, ko kake rubuta sharhin littafi a jami'a, shi ne aikinka, don mai duba takarda yana ba da maki ne a kan sanin wanda ya yi me.

Mushen Faransanci ya koya maka aktif da pasif a allo: a ɗaya mai aiki ne a gaba, a ɗaya kuma wanda aka yi wa aikin ne a gaba. Masu nahawun Hausa suna kiran mai aikin aikau, wanda aka yi wa aikin kuwa karɓau. Abin da ba a cika gaya maka ba shi ne Hausa ba ta da pasif irin na Faransanci, wanda zai sa karɓau a gaba sannan ya maƙalo aikau a wutsiya da 'yar kalmar nan par. Tana da nata hanyoyin, kuma da su kake tunani ko da alƙalaminka Faransanci yake zubarwa. Saboda haka da Hausa za mu yi aikin, sai can ƙarshe mu tsallaka.

Littafin da za mu gwada a kai na gida ne. Sarraounia na Abdoulaye Mamani ya fito a 1980, yana ba da labarin Sarauniya Mangu ta Aznan Lugu, a ƙasar Arewa wajen Dogon Dutsi, cikin jiharmu ta Doso, wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a Afrilun 1899.

Mataki na ɗaya: san ƙofofi uku da Hausa ke fitar da mai aiki

Dubi jimlolin nan uku, dukkansu gaskiya ne a tarihi:

Voulet bai kama Sarauniya ba.
Ba a kama Sarauniya ba.
Sarauniya ba ta kamu ba.

Ta farko zancen Voulet take yi. Shi ne ya zo da bindigogi da ɗaruruwan sojoji, shi ne ya kasa, kuma kunyar a kansa take. Ta biyu rahoto ne irin na rediyo. Akwai mutum a bayan aikin, amma an rufe masa fuska. Wannan ita ce ƙofar an, aka, ana, ake, za a, ba a, kuma ita ce ta fi kusa da pasif. Ta uku ta kawar da mai kamun gaba ɗaya ta mai da maganar kan halin Sarauniya: ita ce irin wadda hannu ba ya riƙewa. Ƙofa ta biyu ke nan, ta aikatau masu ƙarewa da wasalin u, irin su kamu, gyaru, ginu, dafu, waɗanda F. W. Parsons ya sa a aji na bakwai lokacin da ya rarraba aikatan Hausa a 1960. Akwai ƙofa ta uku mai nuna hali kawai, kamar "garin yana a ƙone" ko "gadar tana a rufe", wadda ba ta ko tuna cewa an taɓa yin wani aiki.

Ka ga ke nan zaɓen ba na ado ba ne. In sakin layinka hujja yake kafawa cewa Mamani ya tozarta ƙarfin soja, jimla ta farko ce taka. In kana nuna yadda ya ɗaga Sarauniya ta wuce mutum ta zama alama, ta uku ce. Ta biyu ba ta goyon bayan kowace hujja, kuma ita ce ɗalibai suka fi rubutawa.

Mataki na biyu: rubuta, sannan ka ja layi

Kada ka tsaya auna jimla yayin da tunani ke zuwa. Zubar da shi a takardar gwaji. In ka gama sakin layi, ɗauki jan biro ka ja layi ƙarƙashin kowane aikatau, ka rubuta amsar tambaya ɗaya a samansa: wa?

Ga irin sakin layin da nake tararwa a takardun 'yan ajin ƙarshe, na mai da shi Hausa:

"An rubuta littafin a 1980. An nuna zaluncin Turawan mulkin mallaka. An ƙona garuruwa, an kashe mutane da yawa. An ɗauki Sarauniya a matsayin matsafiya. An yi yaƙi a Lugu amma ba a kama ta ba. Daga ƙarshe an kashe Voulet da Chanoine. An ce littafin yana da muhimmanci."

Jimla bakwai, ɓoyayyen mai aiki tara. Nahawun ba shi da aibi ko ɗaya. Amma ka amsa "wa?" a kan kowanne ka ga abin da ya faru. Mai nuna zalunci Mamani ne. Mai ƙona garuruwa rundunar Voulet ce. Mai kashe Voulet sojojinsa ne na kansa. Kalma ɗaya tak ta lulluɓe marubuci da azzalumi da waɗanda suka juya wa azzalumin baki, kamar buhunan da ba a rubuta sunan mai su ba a bayan kamiyo. Mai duba takarda ba zai gane ko ɗalibar da ta rubuta shi ta san bambancinsu ba, kuma ba zai ba ta makin abin da bai gani ba.

Mataki na uku: raba masu aiki gida uku

Wannan matakin ne ya bambanta sharhin adabi da rahoton ɗakin gwaje-gwaje, saboda haka zan daɗe a kansa. A cikin kowane littafin labari akwai masu aiki iri uku. Akwai marubuci, wanda ya zaɓa, ya jera, ya jinkirta, ya ɓoye. Akwai mai ba da labari, muryar da ke magana a cikin shafi. Akwai kuma 'yan wasan labarin, masu faɗa da gudu da cin amana. Sharhi shi ne nuna yadda na farko ya yi amfani da na biyu da na uku. In ka ce "an nuna", ka jefar da wannan duka.

Koma kan jimlar nan: "An ɗauki Sarauniya a matsayin matsafiya." Wa ya ɗauke ta haka? In sojojin hayar da ke cikin rundunar ne, to zancen tsoro ake yi, da yadda suna ke karya zuciyar mayaƙi kafin kibiya ta same shi. In maƙwabtanta Musulmi ne, zancen addini ne da tsohuwar gaba tsakaninsu da Azna. In Mamani ne da kansa, kuma ka tuna ƙaramin taken littafin ya kira ta sarauniya mai sihiri, to tambayar ta zama me ya sa ɗan gwagwarmayar siyasa irinsa ya rungumi wannan laƙabin maimakon ya wanke ta daga gare shi. Sakin layi uku ne daban-daban suke kwance a ƙarƙashin an guda. Ɗalibar ba ta rubuta ko ɗaya ba, kuma ina zargin ba ta lura ma akwai su ba, don jimlar ta ba ta damar wucewa ba tare da ta yanke shawara ba.

Ƙa'idar ke nan da nake bai wa ɗalibaina: duk jimlar da ke ɗauke da hujjarka, sa mai aikinta a gaba, da sunansa, da aikatau mai nauyi. Mamani ya jinkirta, ya kwatanta, ya bambanta, ya yi shiru a kan kaza. Da zarar ka rubuta "Mamani ya jinkirta", bakin alƙalami zai nemi "domin", kuma abin da ya biyo bayan "domin" shi ne sharhin. "An nuna" ba ta neman komai, a nan take mutuwa.

Sai dai ambaton suna ma yana da tarkonsa. Masu karatun Hausa a Sakkwato ko Kano sun san shi a Ruwan Bagaja, wanda Abubakar Imam ya shigar gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. Tauraron littafin sunansa Alhaji Imam, kuma shi ke ba da labarin yawonsa da bakinsa. Ɗalibi ya rubuta "Imam ya yi wa Malam Zurƙe wayo", ya bi da "Imam ya yi amfani da raha", ya haɗa mutum biyu a riga ɗaya. Na farko ɗan cikin labari ne, na biyu mai alƙalami. Jimla ce mai aikau a gaba, amma ba ta fi an haske ba. A irin wannan wuri cika sunan: Alhaji Imam ya yi wayo, Abubakar Imam ya tsara wayon.

Mataki na huɗu: yi wa kowace an tambayar duwan

Ba cewa na yi a kori an daga takarda ba. Wanda ya gaya maka pasif haramun ne a rubutu mai kyau ya faɗi rabin magana. Tsayar da kowacce ka tambaye ta takardunta. Dalili uku ne ke ba ta izinin wucewa.

Na farko, mai aikin ba shi da amfani ga zancen. "An buga littafin a Faris a 1980." Kamfanin L'Harmattan ne ya buga, amma in ba tarihin ɗab'i kake yi ba, sunan nauyi ne kawai. Lura da cewa ɗalibarmu "an rubuta" ta ce, alhali 1980 shekarar bugawa ce. Da ta tambayi kanta wa ya yi aikin, da ta ga marubuci daban, maɗaba'a daban. Haka nan "an haifi Mamani a 1932" ba ta bukatar gyara.

Na biyu, ba a san mai aikin ba, ko kuwa jama'a ce gaba ɗaya. Labarin Sarauniya ya daɗe ana ba da shi da baki a ƙasar Arewa kafin ya shiga littafi. Ba ka da sunan da za ka sa a nan, kuma ƙirƙiro shi ƙarya ce.

Na uku ya fi su daraja: wanda aka yi wa aikin shi ne zancenka, kuma yawan abin da ake yi masa shi ne hujjarka. Ɗauki Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗan gasar 1933 shi ma. An sace Umar yana yaro, an ratsa hamada da shi zuwa ƙasar Larabawa, uwarsa da ta fita nemansa ita ma an bautar da ita. In sakin layinka yana cewa Tafawa Ɓalewa ya nuna bauta a matsayin halin da mutum ba ya mallakar ƙafarsa, jerin an ɗin nan yana yi maka aiki. Mai karatu yana jin yaron ana miƙa shi hannu zuwa hannu kamar kaya. In ka cika wurin da sunayen masu sata da masu saye, ka ɗauke ido daga kan Umar. Sharaɗin kawai shi ne jimlar da ta buɗe sakin layin ta kasance mai aikau a gaba, ta faɗi abin da marubucin ya yi, sannan jerin ya biyo a matsayin shaida.

Wadda ba ta da ko ɗaya daga cikin ukun nan, mai da ita baya. Biyu ne suka fi yawan faɗuwa. Ɗaya ita ce "an ce". A zaure "an ce" tana da wurinta, tana kare mai magana daga ɗaukar alhaki. A takarda kuwa ko ka ambaci wanda ya ce, ko ka ce da bakinka ka kawo dalili, ko ka goge. Ɗayar ita ce an ta kunya. Mu mutane ne da ke tambayar babba "an tashi lafiya?" don kada mu nuna shi da yatsa, kuma yaro mai tarbiyya yana jin nauyin cewa "ni na ga". Sai ya rubuta "ana iya ganin cewa" a gaban ra'ayin da shi kaɗai ya gano. Tarbiyyar tana da kyau, amma a nan asara take jawowa, don mai dubawa zai zaci haddar aji ce. Ba sai ka ce "ni" ba. Goge gabatarwar kawai ka faɗi maganar tsaye: Mamani ya yi kaza domin kaza.

An da ta fi ba ni haushi ita ce ta "an ƙona garuruwa, an kashe mutane". Rundunar nan ta bar gawarwaki a hanyarta, kuma kisan da ta yi a Birnin Ƙonni a Mayun 1899 har yau ana tuna shi. Labarin ta'asarta ya kai Faris har aka turo Kanar Klobb ya karɓe ragamar, Voulet ya sa aka harbe shi a Yulin shekarar. Littafin da aka rubuta don a kama sunan masu laifi, bai kamata sharhinsa ya sake rufe musu fuska ba.

Mataki na biyar: in kana son duka biyun

Wani lokaci kana son karɓau a gaba don zaren magana kada ya tsinke, kuma kana son a san mai aikin. A nan ne masu fassara daga Faransanci ko Ingilishi suke haifar da jimlolin da ba Bahaushen da ya taɓa furtawa, irin su "an kashe Voulet daga sojojinsa". An ba ta karɓar mai aiki a bayanta. "Ta hannun" ma ba ta warware matsalar, don ma'anarta ɗan aike: in ka ce an kashe shi ta hannun sojojinsa, ka nuna akwai wani can da ya aiko su.

Hausa tana da nata maganin. Ɗauko karɓau ka ajiye a gaba, ka ɗan numfasa, sannan ka kawo cikakkiyar jimla mai aikau: "Voulet kuwa, sojojinsa ne suka harbe shi." Zancen yana kan Voulet, mai aikin ya fito, har ma ya sami ƙarfin da ne ke bayarwa. Ga sakin layin ɗalibar bayan ya bi ta matakan nan:

"An buga Sarraounia a Faris a 1980. A cikinsa Abdoulaye Mamani ya ɗauko macen da rahotannin sojan Faransa suka taƙaita zancenta, ya mai da ita cibiyar labari. Ya nuna rundunar Voulet da Chanoine tana ƙona garuruwa tana kashe mutanensu, domin mai karatu ya auna girman abin da Lugu ta tara. Sojojin hayar rundunar suna tsoron Sarauniya a matsayin matsafiya, kuma Mamani ya bar tsoron nan ya yi aikin da kibiya ba za ta iya ba. Rundunar ta shiga Lugu, amma Sarauniya ba ta kamu ba. Hafsoshin biyu kuwa, sojojin da suke yi wa umarni ne suka harbe su."

An ɗaya ta rage cikin tara, kuma tana da takardunta. "Ba a kama ta ba" ta koma "ba ta kamu ba" da gangan, don sakin layin Sarauniya yake ɗagawa. "An ce littafin yana da muhimmanci" ta tafi, ba wanda ya yi kewarta. Sakin layin ya ƙara tsawo, amma duk abin da ya ƙaru dalili ne, kuma "domin" ta shigo da kanta.

Mataki na shida: tsallaka zuwa Faransanci

Abu biyu za ka kiyaye a bakin gadar nan. Na farko, ba kowace an ce ke zama pasif ba. Hausa tana cewa "an zo", "an yi dariya", "ana ta gudu", ko da babu karɓau. Pasif na Faransanci kuwa sai aikatau mai karɓau kai tsaye. Na biyu, wanda aka ba wani abu ba ya hawa gaban jimlar pasif a Faransanci. Fim ɗin da Med Hondo ya yi daga littafin nan a 1986 ya ci babbar kyautar bikin fina-finan Wagadugu a 1987. Da Hausa sai ka ce "an ba Med Hondo kyauta". Da Faransanci kyautar ce za ta hau gaba, ko kuma ka juya ka ce ya karɓi kyauta. Ingilishi ya yarda a sa mutumin a gaba, shi ya sa 'yan'uwanmu da suka yi makaranta a Kamba ko Birnin Kabi suka dawo lise suke yawan tuntuɓe a daidai nan.

Jimlar da ka gina a mataki na biyar, mai karɓau a gaba da aikau a bayyane, ita ce ke komawa cikakken pasif mai par, kuma a nan pasif ya fi aktif dacewa, don yana ajiye sunan masu harbin a ƙarshen jimla inda murya ke sauka.

Mataki na bakwai: juya biron kan littafin

Abin da ka yi wa takardarka, yi wa shafin da aka ba ka ka yi sharhinsa. Zaɓi wurin tashin hankali, yaƙi ko hukunci ko rabuwa, ka ja layi ƙarƙashin aikatau goma a jere, ka rubuta "wa?" a saman kowanne. Ƙirga nawa ne tauraron ya aikata, nawa aka aikata masa, nawa kuma ba a faɗi mai su ba. In marubuci yana kiran sunan mai duka a shafi ɗaya sannan ya koma pasif a shafi na gaba, tsaya a wurin ka duba me ya canza: wa ke ba da labarin yanzu, wa ake karewa, wa ya rasa bakin magana. Rubuta adadin a cikin sharhinka, ka ce cikin aikatau goma na wannan sakin layi bakwai an yi wa tauraron ne, sannan ka sa sunan marubucin a gaban jimla ta gaba ka faɗi dalilin da kake ganin ya sa ya tsara su haka.